Fanka ko taga: wanne zai raba bango da danshi da baƙar fumfuna?

"Assalamu alaikum Injiniya. A Kaduna muke, shekara uku da tarewarmu a gidan. Banɗakina a cikin ɗaki yake kuma ba shi da taga. Duk damina sai bangon da ya raba shi da ɗakin ya yi baƙi-baƙi, musamman bayan sif da can sama wajen kusurwa, kayan sawa duk su ɗauki wari. Sau biyu muna yin fenti yana dawowa. Mai wayarin ya ce a sa fanka mai zuƙe iska, birkila ya ce a fasa taga. Wanne zan yi?"

Wa'alaikumus salam, Hajiya. Ki dakata tukuna, kada ki ba kowannensu kuɗin aiki sai kin yi wani ɗan gwaji na kwana biyu da zan gaya miki. Dalili kuwa, fanka da taga duk maganin ciwo ɗaya ne: danshin da iskar cikin ɗaki take ɗauke da shi. Idan ruwan da ke jiƙa bangonki daga ƙasa yake tasowa, ko wani bututu ne ya fashe a cikin gini, ko fanka goma aka jera miki bangon ba zai bushe ba. Na sha shiga gidajen da aka kashe kuɗin fanka, aka fasa bango, aka sake fenti, ashe wani ɗan gwiwar bututu ne yake ɗiga a bayan tayil.

Gano inda ruwan yake fitowa

Ki samu farar leda mai kauri wadda ake ganin abu ta cikinta, ki yanko kamar faɗin tayil ɗaya, wato wajen santimita 40 kowane gefe. Ki goge bangon da busasshen tsumma a inda ya fi baƙi, ki manna ledar, ki bi gefunanta huɗu da salatif mai faɗi yadda iska ba za ta shiga ba. Ki manna wata a ƙasa, kamar taƙi ɗaya daga daɓe. Ku ci gaba da wanka da harkokinku yadda kuka saba. Bayan kwana biyu ki duba. Idan raɓar tana kan ledar ta ɓangaren ɗaki, wadda za ki iya shafawa da yatsa, to iskar ɗakin ce take jiƙa bangon, kuma fanka ko taga za su yi miki aiki. Idan kuwa gumin yana ƙarƙashin ledar, tsakaninta da bango, ko bangon ya yi duhu a wurin da aka rufe, ruwan daga cikin ginin yake fitowa. Wani lokaci a ga duka biyun, kuma wannan ba abin mamaki ba ne a bangon banɗaki.

Idonki ma zai taimaka. Ruwan da ke tasowa daga ƙasa yana da kamanni da ba a ɓata shi: daga daɓe yake farawa, da wuya ya wuce mita ɗaya, yana barin wani layi mai lanƙwasa kamar inda ruwan kogi ya tsaya, fenti yana kumbura yana ɓarewa, kuma za ki ga farin gari kamar kanwa a jikin filasta. Wannan yana faruwa ne a gidan da ba a shimfiɗa leda ba lokacin da aka zuba kankaren daɓe, ko inda aka cike tsakar gida har ƙasar waje ta fi daɓen ɗaki tudu, ko inda indararo ke zubar da ruwa a gindin bango. Ruwan sama da ke ratsa bango kuma, bangon waje yake kamawa, ya fi tsanani kwana ɗaya ko biyu bayan an yi ruwa mai iska. A ƙasarmu bangon gabas ne ya fi shan wannan duka, domin ta can hadari yake tasowa, shi ya sa magina na da suka fi ba bangon gabas kulawa wajen yaɓe. Shi kuwa bututun da ya fashe ba ruwansa da damina ko rani, tabonsa yana nan har cikin hunturu, sau da yawa zagayayye, daidai bayan famfo ko shawa. Idan kina da tanki a sama, ku cika shi da dare, ku rufe duk famfunan gidan, a sa alama a inda ruwan ya tsaya. Da safe kafin kowa ya taɓa famfo a hau a duba. In ya sauka, a nemo mai gyaran famfo kafin a nemo mai fanka.

Daga abin da kika bayyana, baƙin yana can sama a kusurwa da bayan sif, yana zuwa da damina yana lafawa da rani. Wannan ya fi kama da danshin iska. Amma ban ga bangon da idona ba, don haka gwajin ledar shi ne zai yanke hukunci.

Yadda iska take jiƙa bango

Iska tana ɗaukar ruwa a cikinta, kuma gwargwadon ɗuminta gwargwadon abin da za ta iya ɗauka. Idan zafi ya kai digiri 30, kowace mita ɗaya ta iska, tsawo da faɗi da tsayi, tana iya riƙe ruwa kusan giram 30. A digiri 20 kuwa giram 17 kawai take iya riƙewa. To idan iska mai ɗumi da ta ƙoshi da ruwa ta taɓa wuri mai sanyi, sai ta sauke rarar a jikinsa. Abin da kike gani ke nan a jikin robar ruwan sanyi da aka fito da ita daga firji.

A watan Agusta iskar Kaduna da ma a jiƙe take shigowa. Idan zafin ɗaki yana digiri 30 kuma danshin iskar ya kai kashi 80 cikin ɗari, bango ba ya bukatar ya yi wani sanyi na a-zo-a-gani: da ya sauka zuwa wajen digiri 26 zai fara gumi. Sai kuma a zo a yi wanka da ruwan zafi a banɗakin da ba shi da mafita. Suracin ba shi da wajen zuwa sai ta ƙofa, ya shigo ɗakin kwana, ya nemi wurin da ya fi sanyi kuma iska ba ta motsi, ya kwanta. Wurin nan shi ne bayan sif da kusurwar sama. Idan kuna kunna na'urar sanyaya ɗaki abin ya fi haka, domin takan sanyaya bangon, da an kashe ta aka buɗe ƙofar banɗaki sai suraci ya tarar da bango mai sanyi yana jiransa.

Fumfuna kuma ba sai bango ya jiƙe sharkaf take kama shi ba. Ya ishe ta fuskar bangon ta yi kwanaki a cikin danshin da ya haura kashi 70 zuwa 80, ga ƙura ga fenti da za ta ci. Shi ya sa fentinku na sau biyu bai yi komai ba. An rufe ta ne da sabon abinci, ba a taɓa abin da ke shayar da ita ba.

Idan akwai bangon waje, taga ce ta farko

Zan faɗa miki ra'ayina kai tsaye. Idan banɗakin yana da bango ko da ɗaya da ke kallon waje, ni taga nake fara zaɓa, sannan in ƙara fanka idan da hali. Ba don taga ta fi fanka ƙarfin fitar da suraci ba, a'a, fanka ta fi ta. Dalilina wutar lantarki ce. Lokacin da aka fi bukatar fankar, wato tsakiyar damina, shi ne lokacin da ko hadari ya haɗu ake ɗauke wuta. Taga kuwa dare da rana tana aiki, ga haske, kuma banɗakin da rana ke leƙawa daɓensa ya fi saurin bushewa.

Ƙa'idar da muke bi ita ce wurin da ke buɗewa a taga kada ya gaza kashi ɗaya cikin ashirin na faɗin daɓen ɗakin. Ga ƙaramin banɗaki, taga mai santimita 60 tsawo da 60 faɗi ta wadatar. Amma ki lura da kalmar "wurin da ke buɗewa". Tagar alminiyam mai zamewa gefe, wadda ta cika gari yanzu, rabinta kawai take buɗewa ko an tura ta har ƙarshe. Ga banɗaki na fi son tagar gilashi mai fale-fale irin ta da, wadda ake ɗagawa da ɗan hannu, ko wadda ake turawa waje daga ƙasa tana rataye ta sama. Waɗannan biyun ana iya barinsu a buɗe ko ana yayyafi. Tagar da dole a rufe ta duk sanda hadari ya taso, a watan Agusta kusan kullum a rufe za ta kasance. A sa gilashi mai duhu-duhu wanda ba a ganin mutum ta cikinsa, a ɗaga ta sama da tsayin kai, a sa ragar sauro. Idan kuma tagar za ta leƙa gidan maƙwabci ne, a yi masa magana tun kafin a ɗaga guduma, haƙƙin maƙwabtaka ya wuce a ce sai ya ji ƙarar fasa bango.

Wajen fasawar ne nake so maigida ya tsaya a kan birkila. Bulon da ke saman taga yana bukatar abin da zai ɗauke shi, wato linta. A gidaje da yawa an zagaye ginin da linta a daidai tsayin ƙofa, wajen mita 2.1. Idan naku haka yake, sai a fasa tagar daidai ƙarƙashinta, an huta. Idan babu, dole a zuba sabuwa da rodi, ta hau kan bango aƙalla santimita 15 ta kowane gefe, ni nakan ce a ba ta tsawon inci tara don hankali ya kwanta. Kada a yarda a sare rodin linta ko na ginshiƙi don taga ta samu wuri. A fara yanka layin da injin yanka kafin a sa cizal, in ba haka ba girgizar guduma za ta tsattsage tayil da filasta har inda ba a nufa ba. Ramukan bulon da aka yanka a cike su da siminti. Sannan dakalin tagar na waje a karkatar da shi ya zubar da ruwa waje, a ɗan tsaga masa layi a ƙasansa yadda ruwa zai ɗiga ƙasa maimakon ya bi jikin bango. Na ga tagar da aka fasa don maganin danshi ta zama ita ce sabuwar hanyar ruwa, saboda an yi dakalinta a shafe.

Taga ɗaya kuma ba ta jan iska sosai ita kaɗai. Sai iska ta samu ta inda za ta shigo kafin wata ta fita. Wannan maganar ta fi shafar fanka, don haka bari in kai ki can.

Lissafin fanka

A ce banɗakinki irin wanda aka fi ginawa ne: faɗi mita 1.5, tsawo mita 2.1, daga daɓe zuwa silin mita 3. Ana so fanka ta iya sauya iskar banɗaki gaba ɗaya kamar sau takwas zuwa goma a awa ɗaya. Ga lissafin:

1.5 × 2.1 × 3 = 9.45 m³

9.45 × 10 = 94.5 m³/h

Wato kina bukatar fankar da za ta fitar da iska wajen mita 95 a awa, irin mitar nan ta tsawo da faɗi da tsayi. Wannan lambar tana jikin kwalin fankar, an rubuta m³/h a gabanta. Wasu kwalayen CFM suke rubutawa, sai ki ninka lambar da 1.7 ki samu daidai da wancan. Ƙaramar fanka mai inci huɗu yawanci tsakanin 80 da 95 take bayarwa, kuma wannan a buɗaɗɗen wuri ne aka auna, ba raga ba bututu. Da an sa mata ragar sauro da murfin waje sai ƙarfin ya ragu. Saboda haka ga banɗaki irin wannan ni mai inci shida nake sawa, wadda takan ba da 200 ko fiye. Bambancin kuɗinsu ba shi da yawa, wutar da take ci kuma wajen wat 20 zuwa 25 ne. Ko awa ɗaya take yi kullum, a wata ba za ta cinye yunit ɗaya ba. Don haka idan kuna da sola ko inbata, a ɗora ta a kan wannan layin, ba za ta yi masa nauyi ba, kuma matsalar ɗauke wuta ta kau.

A kasuwa ki sa a duba abu biyu. Na farko, ta kasance mai murfin da ke rufe kansa idan an kashe ta, saboda sauro da ƙadangare da ƙurar hunturu. Na biyu, a ga an rubuta IPX4 ko IP44 a jikinta, alamar tana jure fantsamar ruwa. Fankar da aka yi don shago ko ɗakin ajiya ba ta daɗewa a cikin suraci.

Wurin da za a kafa ta: can sama kusa da silin, domin suraci sama yake tashi, a ɓangaren shawa amma ba inda ruwa zai riƙa dukanta ba, kuma nesa da ƙofa iyakar iyawa. Abin da ake so shi ne iska ta shigo ta ƙofa, ta ratsa banɗakin duka, ta kwashi suracin, sannan ta fita. Idan aka kafa fanka a saman ƙofa, ko dab da buɗaɗɗiyar taga, sai ta riƙa jan iskar da ta shigo yanzu tana mayar da ita waje, lungun shawa yana nan da suracinsa. In za ki haɗa taga da fanka, a raba su, ko kuma a riƙa rufe tagar yayin da fankar ke aiki, a buɗe ta bayan an kashe.

Kurakurai uku da na fi gani

Na farkon ni kaina na taɓa yin sa, farkon fara aikina, a wani gida a Kano. Na auna banɗaki, na sayo fanka mai kyau, aka kafa, aka kunna, tana juyawa gwanin sha'awa. Bayan wata guda matar gidan ta aiko cewa babu abin da ya canza. Da na koma na shiga na rufe ƙofa, sai na ji kukan fankar ya sauya, kamar mai nishi. Na ɗora fallen takardar goge hannu a fuskarta, ta zame ta faɗo. Na buɗe ƙofar na sake ɗorawa, sai ta manne ɗam. Ƙofar ce kafinta ya yi ta cif da tayil, ko allura ba za ta wuce ta ƙasanta ba. Fankar tana ta juyi a banza, domin ba za ta fitar da iskar da ba a ba ta madadinta ba. Muka cire ƙofar aka rage ƙasanta da santimita ɗaya da rabi, shi ke nan. Tun daga ranar ba na barin wurin aiki sai na yi gwajin takardar nan ƙofa a rufe. Ke ma ki yi shi kafin ki sallami mai aiki. Idan ƙofar ta ƙarfe ce ko ta roba da ba a iya ragewa, a yanka mata ƙaramar tagar iska a ƙasa.

Na biyu ya fi wannan ɓarna, kuma ya yawaita tun da aka koma silin na fi'ofi. Sai a huda silin a maƙala fanka, ba a haɗa ta da kowane bututu ba, tana hura suraci cikin rufi. Da dare kwano yana hucewa, suracin ya taru a cikinsa ya zama ruwa, ya ɗigo kan silin da katakon rufi. Bayan damina ɗaya ko biyu sai a ga silin ɗin ɗakin kwana ya yi taswira, a hau neman inda kwano ke yoyo, alhali ba ya yoyo. Iskar da fanka ta zuƙa dole ta fita har wajen gida. Idan banɗakinki ba shi da bangon waje ko kaɗan, to taga ta fita daga lissafi, fankar silin ce mafita, amma da bututu. A yi amfani da bututun roba mai tauri irin na ruwan ƙazanta, mai faɗin bakin fankar, kada a rage shi. A bi hanya mafi kusa, in son samu ne kada ya wuce mita uku, kuma a rage gwiwoyi, don kowace gwiwa tana cin ƙarfin iskar. A ɗan karkatar da shi ya gangara waje, saboda ruwan da zai taru a ciki ya zuba can maimakon ya dawo kan injin. Idan tafiyar ta fi haka nisa, ƙaramar fanka mai fiffike ba za ta iya turawa ba, sai a nemi irin wadda ake ɗaurawa a tsakiyar bututu.

Na uku ba a cika lura da shi ba. Bulonmu na siminti rami gare shi a ciki. Idan aka huda bango aka cusa fanka haka nan, wani kaso na suracin ba waje yake fita ba, cikin ramukan bulon yake shiga. Sai ki ga bayan wasu watanni an samu baƙin zobe kewaye da fankar. Maganinsa guntun bututu ne da zai ratsa kaurin bangon daga ciki har waje, a ɗan sunkuyar da bakinsa na waje, a toshe kewayensa da siminti, a rufe shi da murfi mai baki ƙasa yadda ruwan sama ba zai shigo ba. Kafin a huda kuma a tabbatar ba a kan hanyar waya ko bututun hita ake ba.

Wayarin ɗin aikin mai wayarin ne, kada yaron gida ya gwada. Makunnin ya kasance a wajen banɗaki, kada a bar haɗin waya a buɗe a cikin suraci. Mutane da yawa suna haɗa fankar da makunnin ƙwan fitila. Yana da kyau ta fuskar ba a mantawa, amma illarsa ita ce da an fito an kashe fitila fankar ta tsaya, alhali a lokacin ne aikinta yake farawa. Tana bukatar minti 15 zuwa 20 bayan an gama wanka, ƙofa a rufe. Ko dai a ba ta makunninta daban, ko a sayi mai agogo a ciki wadda ke ci gaba da juyi na ɗan lokaci bayan an kashe fitila. Wannan ta biyun tana bukatar ƙarin waya ɗaya, ki gaya wa mai wayarin tun kafin ya ja layi. Abu ɗaya da ba na wasa da shi: idan akwai hitar ruwa mai aiki da gas a banɗakin, ko ana shiga da kaskon gawayi lokacin sanyi, fanka mai zuƙa tana iya jawo hayaƙin da ba a gani ba a jin warinsa ya cika wurin. Gawayi kam bai kamata ya shiga rufaffen ɗaki ba ko da fanka ko babu.

Ɗakin kwanan da ita fumfunar

Fanka za ta tare suraci daga tushe, amma bayan sif yana bukatar iska ta ratsa shi. A janye sif ɗin daga bango kamar faɗin tafin hannu, santimita 10 ke nan. Idan irin wanda aka kafe a jikin bango ne, kafinta ya huda masa ramukan iska sama da ƙasa, ko a mayar da shi wani bangon da ba na banɗaki ba. Ki taɓa bayansa ki gani: allon baya na irin katakon nan na garin itace, idan ya kumbura ya yi baƙi ba ya wankuwa, sai dai a sauya shi. Shanya a cikin ɗaki ranar da ake ruwa ita ma tana da hannu, wanki ɗaya yana iya sakin lita biyu na ruwa a iskar ɗaki. In ya zama dole, a shanya a banɗakin a kunna fanka a rufe ƙofa.

Wajen wanke bangon, a fitar da yara da duk mai asma ko tari, a buɗe tagogi, mai aikin ya sa takunkumi da safar hannu. Kada a kankare fumfunar a bushe, ƙurarta ce take tashi ta shiga ƙirji ta kuma bazu a ɗaki. A fara wankewa da ruwan omo da soso, a ɗauraye, sannan a bi da ruwan bilic irin na wanke fararen kaya, kofi ɗaya a cikin kofi goma na ruwa, a bar shi kamar minti goma kafin a goge. Kada a kuskura a haɗa bilic da ruwan wanke masai ko wani sinadari, haɗin yana fitar da iska mai guba. Idan baƙin ya wuce faɗin mita ɗaya, ko ya ci cikin silin, wannan ya wuce aikin soso, ɓangaren da ya lalace cirewa ake yi. Idan kuma akwai wanda tarinsa ko toshewar hancinsa ke tashi duk damina a ɗakin nan, a kai shi asibiti a kuma gaya wa likita halin da ɗakin yake ciki.

Wani zai ba ki shawarar a manne bangon da tayil ko a shafa fenti mai sheƙi a huta. Idan ruwan daga cikin bango yake, tayil ba ya kashe shi, tura shi yake yi ya hau sama ya ɓullo a inda tayil ɗin ya ƙare, ko ya fito ta ɗaya fuskar.

Ki kuma san iyakar abin da za ki samu. Fanka da taga ba za su sa iskar ɗaki ta fi ta waje bushewa ba. A makonnin da ake kwana ana wuni ana ruwa, za ki ji ɗan danshi a kaya duk da haka. Abin da za su hana shi ne suracin wanka ya taru a kan na damina har bango ya yi kwanaki bai sha iska ba, kuma wannan ne yake raya fumfuna. A irin waɗannan ranaku ki buɗe tagogi da rana lokacin da gari ya ɗan yi zafi, ki kunna fankar sama, ki bar ƙofofin sif a buɗe na ɗan lokaci. Idan kuna da na'urar sanyaya ɗaki, akwai maɓallin Dry a jikin rimot, mai alamar ɗigon ruwa, awa ɗaya ko biyu da tagogi a rufe yana rage danshin sosai.

Fenti kuwa ki haƙura da shi yanzu. A yi gwajin leda, a kafa fanka ko a fasa taga, a wanke bangon, a bar shi tsirara. Bulon da ya sha ruwa yana ɗaukar makonni kafin ya bushe har ciki, kuma iskar hunturu za ta yi miki wannan aikin kyauta. Wajen Disamba ko Janairu ki sake manna ledar kwana biyu. In ta fito a bushe ciki da waje, a kankare tsohon fentin da ya kumbura, a shafa fentin ruwa mai maganin fumfuna. A lokacin ne kuma za ki sa a cire fuskar fankar a wanke ta da ragar waje, domin ƙurar hunturu tana toshe su, a sake yi kafin ruwan farko ya sauka, sannan a ɗora takardar nan a ga ko har yanzu tana mannewa.